Darasi: Lissafin Lokacin Jawabi Mai Shafukan Majigi

Idan aka gayyace ka gabatar da jawabi, abu na farko da za a faɗa maka shi ne lokacin da aka ba ka. Mutane da yawa sukan ji "minti 20" sai su koma su shirya shafuka son ransu, wato silaid-silaid ɗin da majigi ke haskawa a bango, ba su san tsawon jawabin ba sai ranar da suka tsaya gaban jama'a. Ana cikin tsakiya mai kula da taro ya miƙo takarda cewa saura minti biyu, alhali ba a kai ga gundarin magana ba. A wannan darasi za mu koyi yadda ake ba kowane shafi nasa mintunan tun a gida, da yadda ake sa alama a wuraren da za a iya ragewa idan lokaci ya ƙure.

Lokacin da aka ba ka ba duka ne naka ba

Mu ɗauki misalin sakatariyar wata ƙungiya da za ta gabatar da rahoton shekara a babban taro. An ba ta minti 20. Kafin ta taɓa shafi ko ɗaya sai ta tambaya: shin har da tambayoyi a ciki? Aka ce mata e, minti 5 na tambayoyi ne. Ke nan saura 15. Daga cikin 15 ɗin sai ta ware minti 2 ta ajiye gefe, domin akwai abubuwan da ke cin lokaci ba tare da an shirya musu ba: gaisuwa ta yi tsawo, lasifika ta ɗauke, wani ya katse ta da tambaya, ko majigi ya ƙi nuna shafin farko. Abin da ya rage mata na magana shi ne minti 13, kuma da wannan adadi za ta yi duk lissafinta.

Me ya sa shafuka ba sa cin lokaci ɗaya

Za ka ji ana cewa a ba kowane shafi minti ɗaya zuwa biyu. Wannan ƙiyasi yana da amfani wajen gane ɓarna mai girma, misali mutumin da ya shirya shafi 40 don jawabin minti 10. Akwai ma tsare-tsaren da suka ƙayyade abin daram. Guy Kawasaki, marubuci kan harkokin kasuwanci a Amurka, ya shahara da shawarar shafi 10 cikin minti 20, wato minti biyu-biyu. Tsarin PechaKucha kuwa, wanda aka fara a Tokyo a 2003, shafi 20 ne, kowanne daƙiƙa 20, jimla minti 6 da daƙiƙa 40. Amma jawabin yau da kullum ba ya tafiya haka, domin shafuka sun bambanta da juna ƙwarai.

Shafin take, mai ɗauke da suna da kan magana, rabin minti ya ishe shi. Hoto guda da za a nuna a faɗi jimla biyu a kai bai wuce minti ɗaya ba. Shafin da ke da batutuwa uku ko huɗu da za a yi wa bayani yakan kai minti biyu. Wanda ya fi kowa cin lokaci shi ne jadawalin lambobi, kuma a nan ne aka fi yin kuskuren ƙiyasi. Kai da ka shirya jadawalin ka san inda za ka kai idonka, amma mai sauraro yanzu ya fara ganinsa. Dole ka gaya masa abin da ke layin sama da abin da ke gefe, ka ba shi ɗan shiru ya karanta, sannan ka nuna masa lambar da kake so ya riƙe. Irin wannan shafi da wuya ya kasa minti uku.

Ga yadda sakatariyar ta rubuta ƙiyasinta a takarda, shafi bayan shafi:

1. Take da gaisuwa: minti ½
2. Jerin abin da za a tattauna: ½
3. Manufofin da aka sa a gaba bara: 1
4. Ayyukan da aka kammala: 2
5. Hotunan ayyuka: 1
6. Ƙarin hotuna: 1
7. Jadawalin kuɗin shiga da na fita: 3
8. Kwatanta bana da bara: 2
9. Matsalolin da aka fuskanta: 2
10. Labarin wani mamba da ya amfana: 1½
11. Shirin baɗi da abin da ake nema daga mambobi: 2
12. Rufewa: ½

Da ta haɗa sai ta samu minti 17. Shafi 12 kacal, ga ido kamar ba yawa, amma ta zarce da minti 4.

Ragi na farko, tun a gida

Ba a maganin wannan da saurin baki. Mai sauri yakan haɗiye kalmomi, masu sauraro su bar shi a hanya, kuma abin da saurin ke cetowa kaɗan ne. Sai dai a rage kaya. Ta goge shafi na 2, tun da jawabi gajere ba ya buƙatar jerin batutuwa, ta samu rabin minti. Ta goge shafi na 6, ta samu minti ɗaya. Shafi na 8 ta rage shi zuwa lambobi biyu kawai, ya koma minti ɗaya. Labarin mamba ya yi mata wuyar rabuwa, don shi ne mai daɗin ji, amma taron na rahoto ne, sai ta ɓoye shi ba tare da ta goge ba. A PowerPoint ana yin haka da `Hide Slide`: shafin yana nan cikin fayil, amma ba ya fitowa yayin nuni, kuma za a iya kiran sa idan wani ya yi tambayar da ta shafe shi. Yanzu shafuka tara suka rage, jimlarsu minti 13.

Gwaji da agogo

Duk wannan ƙiyasi ne a takarda, sai an gwada. Ka miƙe tsaye ka yi jawabin da murya a bayyane, kamar mutane na gabanka. Karatun zuci yaudara ne, domin ido ya fi baki sauri, kuma a zuci ba ka numfashi ba ka jiran shafi ya juya. Ka kunna agogon waya, ka rubuta lokacin da kowane shafi ya ci a gefen ƙiyasinka. PowerPoint ma yana yin wannan aiki: a ƙarƙashin `Slide Show` akwai `Rehearse Timings`, wanda ke ƙirga daƙiƙun kowane shafi da jimlarsu. Sai dai a kula. Idan ka yarda ya adana lokutan, shafukan za su iya riƙa juyawa da kansu ranar taro ko ba ka gama magana ba. Ka kwafe lambobin a takarda, sannan ka cire alamar da ke kan `Use Timings`.

Idan wani shafi ya ci ninkin abin da ka ƙiyasta masa, yawanci batutuwa biyu ne aka cusa a ciki, ko kuma ba ka yanke shawarar abin da za ka faɗa a kansa ba, kana ta kewaye. Idan kuma za a sa maka tafinta mai fassara jimla bayan jimla, ka lissafa cewa kusan rabin lokacin nasa ne.

Alamomi uku

Ko da jimla ta yi daidai, ranar taro tana da nata hali. Shi ya sa ake sa wa kowane shafi alama a takardar da za ka riƙe a hannu. Harafin D na nufin dole, ba a taɓa shi. Harafin T na nufin taƙaita. Harafin Ƙ na nufin ƙetare, wato za a iya wuce shi ɗungurungum.

Sakatariya ta sa D a kan jadawalin kuɗi, da shirin baɗi, da rufewa, domin su ne dalilin taruwar mutane. Ta sa Ƙ a kan hotuna da kuma kwatancen bana da bara, kowanne minti ɗaya. Ta sa T a kan manufofi, da ayyuka, da matsaloli. Alamar T ita ce mai buƙatar aiki. Bai isa ka ce a ranka "zan taƙaita" ba, domin mutum a ruɗe ba ya iya taƙaitawa, ƙari ma yake yi. Ka rubuta gajeriyar maganar tun yanzu, ka gwada ta da agogo ita ma. A shafin matsaloli, doguwar hanya ita ce ta bi matsaloli huɗu ɗaya bayan ɗaya cikin minti biyu. Gajeriyar kuwa ta rubuta ta kamar haka: "Matsalolin huɗu ne, ga su a gabanku, amma wadda ta fi ci mana tuwo a ƙwarya ita ce jinkirin biyan kuɗin wata." Daga nan ta ɗan yi bayanin wannan ɗaya ta wuce, minti ɗaya ya isa. Haka ta yi wa ayyuka, daga biyu zuwa ɗaya, da manufofi, daga ɗaya zuwa rabi. Idan ta yi amfani da alamomin duka za ta ceci minti 4½, jawabin ya koma 8½. Ke nan ko an ce mata taro ya makara, ta yi haƙuri da minti 10, tana da hanya.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Alamomin da ke farkon jawabi suna amfani ne kawai idan an sanar da kai ragin lokaci kafin ka fara. Idan kana tsakiya ka gane ka makara, na farkon sun riga sun wuce. Don haka ka tabbata akwai T ko Ƙ a rabi na biyu, kafin shafukan D na ƙarshe. Ita sakatariya tana da kwatance da matsaloli bayan jadawalin kuɗi, minti biyu ke nan da za ta iya samu a ƙurarren lokaci.

Yadda za ka gane ka makara

Jimlar mintuna ba ta gaya maka komai sai a ƙarshe. Abin da kake buƙata shi ne tashoshi biyu ko uku a hanya. Sakatariya ta tara mintunan a jere ta ga cewa ya kamata ta shiga jadawalin kuɗi a minti 4½, ta shiga matsaloli a 8½, ta shiga shirin baɗi a 10½. Waɗannan lambobi uku ta rubuta da manyan baƙi a takardarta. A kan allon kwamfuta, `Presenter View` yana nuna mata agogo mai tafiya wanda jama'a ba sa gani.

Mu ce ta gama jadawalin kuɗi ta duba agogo ta ga minti 9½, maimakon 7½, saboda wani ya tsayar da ita da tambaya. Ta makara da minti biyu. Sai ta ƙetare kwatance, ta bi gajeriyar hanya a matsaloli, ta isa shirin baɗi a 10½ daidai, ba ta ma taɓa minti biyun ajiya ba. Wajen ƙetarewa kada ka riƙa danna maɓalli shafuka na walƙiya a idon mutane, kuma kada ka ce "wannan ba mu da lokacinsa", domin sai hankalinsu ya koma kan abin da aka hana su. Ka buga lambar shafin da kake so ka danna `Enter`, zai kai ka can kai tsaye. Saboda haka ka rubuta lambar kowane shafi a takardarka bayan ka kammala gyara, don lambobi na sauyawa idan an goge wasu shafuka.

Aikin yi

An ba ka minti 15, kuma minti 3 na tambayoyi ne. Cire lokacin tambayoyi da minti 2 na ajiya, ka rubuta abin da ya rage. Zaɓi batun da ka sani, ka jera shafuka takwas, ka ba kowanne mintunansa, ka haɗa jimla. Sa alamar D ko T ko Ƙ a gefen kowanne, ka rubuta gajeriyar magana ga duk mai alamar T. Sannan ka yi jawabin gaban abokin karatunka yana riƙe da agogo, ya rubuta maka lokacin da ka isa shafi na huɗu da na bakwai.