Idan an yi maka tambayar da ba ka san amsarta ba a intabiyun aikin sola

Kamfanonin haɗa sola a Kaduna kan jefa wa mai neman aiki tambaya irin wannan: wani gida a Tudun Wada an sa masa sababbin batura biyu, amma kullum ƙarfe biyun dare inbata ke ɗaukewa, me ya jawo? Babu mai sanin amsar daga kan kujera. So ake a ga yadda za ka nemo ta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne yanke hukunci nan take: "Batirin jabu ne." Injiniyan da ke gabanka zai ce ta yaya ka gane, daga nan sai kame-kame. Ya kuma riga ya hango ka kana sa mai gida sayen batirin da ba ya bukata. Na biyu kishiyarsa ne, a ce "ban sani ba" a ja baki a yi shiru. Gaskiya ce, amma ba ta nuna komai ba. "Zan bincika" ma duk jirgi ɗaya ne, muddin ba ka faɗi abin da za ka duba da wanda za ka fara da shi ba.

Gyaran shi ne ka amsa rashin sanin a jimla ɗaya, ba tare da dogon ban haƙuri ba, sannan ka jero matakai. Misali: "Yallabai, ban san dalilin ba sai na auna. Zan fara da lissafin kayan da ake kunnawa da dare." Sai ka yi lissafin a gabansu. Batura biyu masu 12V da 200Ah suna ɗauke da 4,800Wh. Idan masu ruwan asid ne, kusan rabi ake ja don kada su mutu da wuri, wato 2,400Wh. Firji da fankoki da talabijin in sun kai wat 400, awa 6 ke nan, ko ƙasa da haka tunda inbatan ma yana cin nasa. Daga takwas na dare zuwa biyu kuwa awa 6 ne cif. To wataƙila babu abin da ya lalace, kayan ne suka yi yawa.

In lissafin bai kai haka ba, ka ce za ka sa mita a kan baturan da magariba ka ga ko suna cika. Ƙurar hunturu kaɗai tana rage abin da farantin sola ke bayarwa. Bayan nan ka duba a bolt nawa aka saita inbatan ya yanke, ka gwada da abin da littafinsa ya ce.

A kula da harshe wajen raba sani da zato. "Na tabbata" na abin da ka lissafa ne, "ina kyautata zaton" na wanda ba ka auna ba tukuna. In suka ce zaɓi ɗaya, faɗi wanda ka fi zargi, ka haɗa da awon da zai tabbatar da shi ko ya ƙaryata shi.