Yadda ake koya wa mai ƙarancin data amfani da sabuwar manhaja ba tare da datarsa ta ƙone ba

Wasu daga cikin waɗanda ke watsar da manhaja a makon farko ba wuyarta ce ta kore su ba. Data ce ta ƙare musu ranar da aka saka ta, suka ɗora mata laifin. Mutum ya yi ta tattalin 'yar datarsa, ka zo ka saka masa abu, kafin dare saƙo ya shigo cewa ta ƙare. Daga nan ko ya goge manhajar, ko ya kashe data ya daina kunnawa. Sau da yawa kuma ba ita ta cinye ba, wasu abubuwa ne da ke cikin wayar tun da farko suka samu hanya suka yi ta zuƙa. Don haka aikin mai koyarwa yana farawa ne tun kafin a sauke komai.

Zan yi misali da WhatsApp a kan wayar Android, saboda duk abin da ke wahalar da sabon shiga akwai shi a ciki. Mu ɗauka wata baiwar Allah ce ta samu wayarta ta farko mai shafawa, tana da megabait 500 da take so su kai ta ƙarshen wata, burinta kuma ta riƙa jin muryar ɗanta da ke nesa.

Toshe ɓarakar kafin ka kunna data

Wayar da ta daɗe ba ta hau intanet ba, ko sabuwa fil, tana da jerin manhajojin da ke jiran sabuntawa. A ce guda 10 ne, kowacce tana neman megabait 40. Idan saitin wayar ya ba su dama, megabait 400 sun tafi ke nan, matar ba ta ko aika saƙo ɗaya ba. Zuba data a irin wannan waya kamar ɗibar ruwa ne da bokiti mai ɓuli.

Buɗe Play Store, taɓa hoton da ke sama a dama, shiga `Settings`, sannan `Network preferences`, sannan `Auto-update apps`. Zaɓi wanda ya ce kada a sabunta sai a kan Wi-Fi, ko kuma `Don't auto-update apps` idan ba ta samun Wi-Fi ko kaɗan. Daga nan koma saitin wayar kanta ka kunna `Data Saver`. Android ya zo da shi tun sigar 7.0 ta shekarar 2016, kuma aikinsa shi ne hana manhajoji jan data a ɓoye lokacin da ba a buɗe su ba. Wurin da yake ya bambanta daga waya zuwa waya, saboda haka ya fi sauƙi ka rubuta sunansa a akwatin bincike da ke saman saitin.

Sauke manhajar, amma ba da datarta ba

Kafin ka taɓa `Install`, duba girman manhajar a shafinta na Play Store, ka kuma duba ko wayar tana da wuri. Girman da aka rubuta na saukewa ne kawai. Bayan an saka ta, wurin da za ta ci a waya ya fi haka, kuma yana ƙaruwa da amfani. A ce shafin ya nuna megabait 60. Wannan ya haura kashi ɗaya cikin goma na duk abin da matar ke da shi. A ganina bai kamata ta biya wannan ba, kai da ka kawo shawarar ya kamata ka ɗauke mata. Haɗa ta da Wi-Fi, ko ka kunna mata `Hotspot` daga wayarka.

A nan akwai tarko. Wasu wayoyin da zarar sun hau `Hotspot` sai su ɗauka Wi-Fi ne na kyauta, su saki duk sabuntawar da suka riƙe, datarka ta tafi. Maganinsa shi ne ka shiga bayanan wannan Wi-Fi ɗin a wayarta ka mai da shi `Metered`, wato mai ƙidaya.

Ana kuma iya tura manhaja daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba, da Quick Share ko Xender. Dabara ce mai kyau, amma tana da iyaka. Manhajojin yanzu Play Store kan ba kowace waya gutsuren da ya dace da ƙirarta ne, shi ya sa wani lokaci za ka tura, wayar ta amsa da `App not installed`. Idan ka ga haka kada ka ɓata lokaci, koma Play Store. Kada kuma ka karɓi manhaja daga wayar da ba ka san inda ta samo ta ba, musamman manhajar kuɗi, ko waɗannan kwaikwayon WhatsApp da ake yaɗawa da alkawarin ƙarin abubuwa. Irinsu kan jawo a rufe wa mutum lamba. Idan manhajar da kake koyarwa tana da ƙaramar siga mai `Lite` a sunanta, kamar Facebook Lite, ita za ka zaɓa wa mai ƙaramar waya.

Rajista

Ta shigar da lambarta, saƙo ya zo da lambobi 6. Wannan saƙon ta layi yake zuwa, ba ya cin data, amma dole layin ya kasance yana da sabis. Idan bai zo ba, a jira ƙidayar da ke allon ta ƙare, a zaɓi kira, za a karanto mata lambobin. Kada a yi ta maimaita nema, domin lokacin jiran ƙaruwa yake yi.

Tsaya a nan ka faɗa mata abu ɗaya da babbar murya: waɗannan lambobin ba a ba kowa, ko da wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, ko ya ce kuskure ya yi ya turo mata. Wanda ya samu lambobin ya samu asusunta.

Saitin da ya fi komai muhimmanci

Kafin kowa ya san ta hau, shiga `Settings` na WhatsApp, sannan `Storage and data`. A ƙarƙashin `Media auto-download` taɓa `When using mobile data` ka cire alamar da ke kan komai: hoto, sauti, bidiyo da takardu. Dalili shi ne da zarar 'yan uwa sun ga lambarta za su jefa ta cikin rukunoni, hotuna su yi ta kwarara dare da rana, wayar tana saukewa ko ta duba ko ba ta duba ba. Bayan ka cire, kowane hoto ko bidiyo zai tsaya dishi-dishi da kibiya a tsakiyarsa, da girmansa a rubuce. Ita za ta zaɓi wanda ya cancanci datarta. Saƙon murya shi yana sauka da kansa, kuma ba abin damuwa ba ne don ba shi da nauyi. A wannan shafin dai ka kunna `Use less data for calls`.

Nuna mata bambancin haruffan nan biyu da ke jikin kibiyar, ko da ba ta karatu sosai. `kB` ƙarami ne, `MB` babba. Sai an tara wajen dubu na farkon kafin a samu ɗaya na biyun. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai megabait ɗaya ba. Bidiyon 'yan mintuna yana iya cin megabait 20 ko fiye. Wanda ya gane wannan ya daina tsoron manhajar, ya san abin da zai taɓa da abin da zai bari. Ka kuma gaya mata cewa kallon `Status` na mutane da kiran bidiyo suna cikin manyan masu ci.

Abu ɗaya ya rage: tunda ka kunna `Data Saver`, saƙonni na iya makalewa har sai ta buɗe manhajar. Koma saitin wayar, ƙarƙashin `Data Saver` akwai jerin manhajojin da aka yarje wa, galibi da sunan `Unrestricted data`. Kunna wa WhatsApp kaɗai.

Aiki ɗaya, da hannunta

Yanzu ka miƙa mata wayar, kada ka sake karɓa. Wannan ne wurin da masu koyarwa suka fi kasawa. Mutum ya ga tana lalube, haƙurinsa ya ƙare, ya fizge wayar ya yi tsaf-tsaf cikin daƙiƙa biyar ya ce "kin gani ko?" Ba ta ga komai ba. Yatsan da ya yi aikin shi ke tunawa.

Kada ka zagaya da ita duk manhajar. Abin da ya kawo ta shi ne muryar ɗanta, to shi za a koya yau. Ta nemo sunansa, ta ɗora yatsa a kan alamar makirfo, ta riƙe, ta yi magana, ta saki. Sababbin shiga kan yi kuskure iri biyu a nan: ko su taɓa su ɗage nan take, babu abin da ya ɗauka, ko yatsan ya zame hagu saƙon ya goge. Ka ce mata, "Mama, danna ki riƙe, kada ki ɗaga sai kin gama." Ta gwada a kan lambarka tukuna, ta ji muryarta ta fito daga wayarka, sannan ta aika wa ɗan. Bayan haka ta rufe manhajar gaba ɗaya, ta koma allon farko, ta sake yi tun daga tushe kai kuma ka yi shiru. Ka jawo mata alamar manhajar zuwa allon farko inda ido zai fara sauka.

Koya mata alamomin da ke gefen saƙo, don su ne za su hana ta tura abu ɗaya sau biyar. Agogo yana nufin bai fita daga wayarta ba, matsalar data ce ko sabis. Alama ɗaya ya fita amma bai isa wayar ɗan ba, wataƙila tasa a kashe take. Biyu ya isa. Idan ta ga agogo, ta bar shi, zai tafi da kansa da zarar sabis ya dawo.

Nuna mata lissafin da idonta

Kafin ku rabu, buɗe `Network usage` a cikin `Storage and data`. Shafin yana nuna abin da kira ya ci, da na saƙonni, da na hotuna. Bari ta ga cewa duk gwajin da kuka yi ɗan kaɗan ya ci. Sannan ka taɓa `Reset statistics` ƙidayar ta koma sifili. Amfanin manhajar a wurinta yanzu ya zama abin da take iya aunawa: saƙon murya goma a rana har wata guda ba zai cinye megabait 500 ɗinta ba, kuma saƙon yana jiran ɗan har ya samu lokacin saurare.

Bayan kwana uku ko huɗu ka sake duba wayar. Idan ta yi ƙorafin data na gudu, kwatanta wannan shafin da na wayar kanta, `Data usage`, wanda ke jera manhajoji daga mafi ci zuwa ƙasa. Idan WhatsApp ne a sama kuma `Status` ko kira ya fi yawa, magana ce za ku yi a kan kallo da kiran bidiyo. Idan wata manhaja ce da ba ta taɓa buɗewa ba, shiga bayananta ka kashe mata `Background data`. Idan kuma lissafin yana nan daidai, tana aikawa tana karɓa ba tare da ta nemi kowa ba, sai ku ɗauki aiki na biyu: yadda za ta ɗauki hoto ta tura.