Almakashin Shotcut ba na aski ba ne: inda sabbin masu tace bidiyo ke yin ɓarna

Duk mako sai wani yaro ya turo mini bidiyo ya ce in duba masa, kuma kusan kullum ciwon ɗaya ne. Da Shotcut nake aiki, manhajar kyauta ce ta kwamfuta, don haka maɓallanta zan ambata.

Babban laifin shi ne yanke shiru har ƙashi. Mutum ya ji an ce a cire inda mai magana ya tsaya, sai ya zuba wa zanen murya ido, duk inda layin ya kwanta ya danna S, maɓallin yanka, nan da can, ya share. To ai zanen ba kunne ba ne. Sautuka irin su h da f ba sa tashi sosai a zanen, ga su kuwa a farkon kalmomi da yawa. Ka yanka daidai inda tudun ya fara, "hannu" ta koma "annu". Ƙarshen jimla ya fi haɗari, domin mu Hausawa can muke ajiye "ba" ta korewa, kuma murya ta riga ta sauka kafin a kai gare ta. Na taɓa mayar da "wannan yadin bai dace da babbar riga ba" ta wani tela guntuwar magana mara ƙarshe, sai da ya kira ni yana tambaya ko shi ne ya haɗiye ta.

Abin da nake yi yanzu: in kai layin kallo bakin kalmar, in danna kibiyar hagu sau biyar kafin in yanka. Kowace dannawa firam ɗaya ce, wato hoto guda cikin jerin hotunan bidiyo, kuma a bidiyo mai firam 30 a daƙiƙa, biyar ɗin kashi ɗaya cikin shida ne na daƙiƙa. A ƙarshen jimla ina barin takwas zuwa goma. Wasu na cewa ya yi yawa. Su je su yi nasu. Bayan haka in rufe ido in saurari mahaɗin. In na ji kamar an fizgi mutumin, na matse da yawa. Kuma ba kowane shiru ne shara ba. Wanda ya yi don neman kalma, cire shi. Wanda ya yi bayan ya faɗi awo yana nuna wuyan rigar, bar shi, lokacin ne mai kallo ke fahimta.

Laifi na biyun shi ne ya cinye mini dare guda, a aikin telan nan dai. Ɗauka ce ta minti 18 da nake son mayarwa 6. Hoton yana layin V1, muryar da na ɗauka da waya ta biyu kusa da bakinsa tana A1. Na kashe sautin A1 ina aiki da na kyamara, na yi ta danna X, wanda ke share yanki ya jawo na baya ya cike gurbin. Wurare kusan 40 na cire. Da na kunna A1, malam yana guga a hoto, muryarsa tana can tana auna kafaɗa. Hoton kaɗai ya gajarce, muryar ba ta motsa ba. Ba gyaran da ya wuce sakewa daga farko. Don Allah, kafin ka yi yanka ko ɗaya, kunna Ripple All Tracks, wanda ke sa sharewa ta shafi dukkan layuka, ka cire wuri guda, ka tabbata layukan biyu sun matso tare. Kiɗa kuwa sai an gama yanka ake sa shi, in ba haka ba shi ma za a gutsure shi. Masu fara aiki da zaɓen kiɗa, ku ji da kyau.

Z ba X ba ce: tana ɗauke yankin ta bar rami, ramin kuma baƙin allo ne a bidiyonka. Ƙara girman layin ka duba kafin ka fitar.

In baki da murya suna rabuwa sannu a hankali alhali ba ka yi kuskuren sama ba, sau da yawa wayar ce ke sauya yawan firam yayin ɗauka. Shiga Properties ka mayar da fayil ɗin da Convert tun kafin yanka.

Sai tsallen kai da ke biyo bayan kowane yanka. Daina lulluɓe shi da narkewar hoto, fuska biyu ce ke fitowa a kan juna. Ni hoton hannun telan a kan keke nake ɗorawa a V2 na daƙiƙa biyu ko uku, muryar tana tafiya a ƙasa. In babu irin wannan hoton, sai in matso da yanki na gaba kaɗan da filter ɗin Size, Position & Rotate, ya zama kamar kyamara ta biyu ce ta ɗauka.