Darasi na 7: Saƙon safe zuwa ga mai shago idan babu sabuwar oda

To jama'a, saƙon yau gajere ne, kowa zai iya shi in sha Allah. Ka ɗauka kana tsaron shagon atamfa da shadda a Kasuwar Barci, Alhaji mai shagon yana gida Unguwar Rimi, kuma a wayar shago akwai manhaja da take duba odar intanet da kanta kullum ƙarfe 8 na safe. Yau ta duba ba ta ga komai ba. Duk da haka sai ka rubuta masa, don in ya ji shiru ba zai san ko oda ce babu ko kai ne ba ka fito ba.

Buɗe manhajar. Za ka ga No new orders, wato babu sabuwar oda. Tsaya, kar ka rubuta komai tukuna. Nemo ƙaramin rubutun da ya ce Last checked, shi ne lokacin da ta duba na ƙarshe. Ɗora yatsa a kai, karanta ranar, karanta lokacin. Na yau ne? Sake dubawa, ba laifi in ka yi a hankali.

Dalili kuwa, in data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, manhajar ba za ta iya dubawa ba amma rubutun jiya yana nan zaune a fuskar waya kamar sabo. Wani ɗalibina kwana uku yana tura babu babu, ashe datarsa ta ƙare tun Litinin, wata hajiya a Kawo ta biya kuɗin shadda yadi goma tana jira har ta yi fushi. Abin ya dame ni sosai, don yaron nan yana da ƙoƙari.

In lokacin na yau ne, rubuta haka:

Salamu alaikum Alhaji, ina kwana. Yau Laraba, manhaja ta duba ƙarfe 8:00 na safe, babu sabuwar oda. Ta ƙarshe ita ce lamba 214 ta jiya.

Lambar nan tana da amfani, da ita Alhaji zai gane ba a tsallake wata ba.

In kuma lokacin na jiya ne kar ka ce babu oda, ba ka sani ba ai. Ka ce: Alhaji, yau manhaja ba ta duba ba, zan sa data in sake gwadawa.

Haba jama'a, makon jiya mutum huɗu suka rubuto min "babu" kawai, ba rana ba lokaci ba sallama. Sau nawa zan faɗa? A duba lokacin kafin a rubuta. A duba shi!

Darasi na 8: In Alhaji bai amsa ba

Ba komai, gobe ka sake turawa.

Aikin gida: rubuta saƙon Alhamis, odar ƙarshe lamba 215.