Yadda Ake Koya wa Ɗan Firamare Karanta Agogo da Kalanda a Takardar Aikin Gida

A gidaje da yawa a nan Jos, agogon da yaro ya sani shi ne na wayar iyayensa, mai nuna lamba zalla. Shi ya sa in malama ta ba shi takarda mai zanen agogo sai ya rikice.

Ki fara da gajeren hannu shi kaɗai. Ki yanko kwali ki zana da'ira, ki rubuta 1 zuwa 12, ki soka hannu ɗaya a tsakiya. Ki tsayar da shi a kan 7: ƙarfe bakwai ke nan. Ki matsar da shi tsakanin 7 da 8, ki tambaye shi, "Ya wuce nawa? Ya kai takwas?" Dokar ita ce, lambar da gajeren hannu ya baro ita ce awa, komai kusancinsa da ta gaba. Kada ki yi gaggawa a nan, ko da zai ɗauki kwanaki.

Sai ya zauna masa daram za ki ƙara dogon hannu. A wajen da'irar, da biro mai wani launi, ki rubuta 5 kusa da 1, 10 kusa da 2, har zuwa 55 kusa da 11. In bai iya ƙirga biyar-biyar ba, a koya masa wannan tukuna.

Ga inda aka fi faɗuwa. An zana gajeren hannu dab da 8, dogon yana kan 10. Amsa ita ce 7:50. In yaro ya rubuta 8:50, ya iya minti, awa ce ta kuɓuce masa, sai ki koma kan kwali mai hannu ɗaya. In kuwa 8:10 ya rubuta, matsala biyu ce, domin har lambar dogon hannu ya kwafa yadda ya gan ta. Wani lokacin ma maganarmu ce ke jawo haka: muna cewa "takwas saura minti goma", yaro ya ji takwas ya rubuta. Ki nuna masa cewa tunda akwai saura, ai takwas ba ta yi ba.

Kalanda ta fi sauƙi. Ki sauko da ta bango, ya duba ranar da aka fara jeri da ita, don wata kalandar da Lahadi take farawa, wata da Litinin. Ɗauki Oktoba 2025: ranar 1 ga wata, ranar samun 'yancin kai, Laraba ce. Akwatunan da suka zo kafin ranar 1 babu komai, kuma ba a ƙirga su, nan ne yara kan sa 1 a ƙarƙashin Lahadi. Ya ɗora yatsa kan 1 ya gangaro: 8, 15, 22, 29, duk Laraba ne, bakwai-bakwai ake ƙarawa. In aka tambayi ranar da 31 ta faɗa, sai ya matsa akwati biyu daga 29, ya sami Juma'a.