Yadda Ake Ƙware a Fasin da Tsaron Gida na Manual a Matakin Legendary

Na sha ganin yaro a gidan gem yana cin kowa, bakinsa har kunne, ya koma gida ya mayar da fasin ɗinsa Manual, ya ɗaga kwamfuta zuwa Legendary, kafin a tafi hutun rabin lokaci an ɗura masa huɗu. Sai ya ce gem ɗin ne ke maguɗi. Ba maguɗi ba ne. Shekara da shekaru na'ura ce ke gyara masa fasin bai sani ba, ranar da ta janye hannu sai asiri ya tonu. Ni ma haka ta faru da ni, kuma wajen wata guda na yi ina ɗora laifin a inda ba nan yake ba.

Zan yi bayanin ne da FC 24 a kan PlayStation, da tsarin maɓallai na Classic. Wanda ke kan FIFA 23 ko FC 25 zai tarar da kusan komai a wuri ɗaya. Ba zan tsaya faɗa maka cewa X ne fasin ba, wanda bai san wannan ba me ya kai shi Legendary?

Fara da saiti, amma kada ka juya komai rana ɗaya

Shiga Controller Settings. Mayar da Ground Pass Assistance da Through Pass Assistance zuwa Manual. Kurosin da bugun raga bar su yadda suke tukuna, sai bayan sati biyu. Masu juya komai lokaci ɗaya su ne ke komawa Assisted a kwana na uku, don idan ƙwallo ta lalace ba sa gane ta ina ɓarnar ta shigo. Wasu na cewa a bi ta Semi a hankali. Ni ban yarda ba. Semi na ci gaba da rufa maka asiri a kan saitin hannu, wanda shi ne ainihin abin da ka zo koya.

Kyamara kuma sa Co-op ko Tele Broadcast, ka ja ta baya yadda za ka ga faɗin fili. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kanta. Fasin na Manual yana bin yadda filin yake a idonka, duk ranar da ka sauya kyamara ka rushe abin da yatsanka ya haddace.

Sai maganar hannun gem. Idan analog ɗin hagu ya saki, har ɗan wasa na tafiya da kansa ba ka taɓa shi ba, manta da Manual sai ka gyara. A Assisted ba za ka ji wannan matsalar sosai ba, shi ya sa hannayen gidan gem da suka sha duka suke tafiya lafiya lau. Sabon hannu na asali kuɗi ne, na sani, amma masu gyara na sauya analog kaɗai a kan abin da bai kai rabin wannan ba. Talabijin ma duba ko tana da Game Mode ka kunna, yana rage jinkirin da ke tsakanin dannawa da gani.

Inda kowa ke faɗuwa: babban yatsan hagu

Ka ɗauki analog ɗin hagu kamar fuskar agogo. Idan kana kai hari daga hagu zuwa dama, ƙarfe uku shi ne gaba, ƙarfe tara baya, sha biyu gefen can na nesa, shida gefen da ke kusa da kai. A Assisted, idan abokinka yana ƙarfe biyu ka nuna ƙarfe uku, gem zai gane nufinka ya kai masa. A Manual ƙwallo ƙarfe uku za ta tafi, ko da babu kowa a wurin sai ɗan bayan abokan hamayya.

Wannan kowa na ganewa a minti biyar. Abin da ya wahalar da ni daban ne: lokacin sakin analog. Tsakanin danna X da lokacin da ƙafar ɗan wasa ke taɓa ƙwallo akwai ɗan taƙi, wani lokacin sai ya gyara tsayuwa ko ya ƙara taku ɗaya. Ni kuwa da na danna, hankalina ya riga ya koma kan wanda zai karɓa, sai yatsana ya fara karkata zuwa inda nake so ya ruga. Ƙwallon sai ta fita a karkace, taku biyu ko uku daga inda na nufa. Na zargi hannun gem, na zargi 'yan wasana, har ƙungiya na sauya. Sai da na kalli maimaicin wata ƙwallo da aka ci ni a hankali, na ga ɗan wasana yana fuskantar daidai, amma fasin ɗin ya bi inda yatsana ya koma, sannan na gane.

Dokar ita ce: nuna, danna, riƙe. Kada yatsan hagu ya motsa sai ka ga ƙwallo ta bar ƙafa. Kuma ka tura analog ɗin har bango, kada ka tsaya rabi, don idan yana jingine da bakin ramin ya fi zama daram. Kwana biyun farko za ka ji wasanka ya yi nauyi kamar kana tafiya a laka. Haka ake so.

Yadda za ka gane ciwonka: idan fasin na zuwa bayan mai karɓa kullum, kana nuna inda yake ne maimakon inda zai je. Idan yana kaucewa ta ɓangaren da ka yi niyyar gudu, sakin wuri ne irin nawa. Idan kuma hanya daidai ce amma ana tare ta a tsakiya, ƙarfi ne bai isa ba.

Ƙarfin ma yanzu a hannunka yake. Sabon shiga yakan ɗan taɓa X kamar mai tsoron ƙuna, ƙwallo ta mirgina ta mutu a hanya, kuma kwamfutar Legendary ba ta yafe irin wannan. Ma'aunina, kuma na ido ne: abokin da ke kusa, kamar kwata na sandar ƙarfi, daga ɗan baya zuwa ɗan tsakiya, wajen rabi, juya wasa zuwa ɗaya gefen a ƙasa, fiye da rabi, ko ka haɗa R1 da X ta tafi da zafi. Idan kana shakka, ƙara. Fasin da ya yi yawa yakan fita waje a yi jifa, wanda ya gaza kuwa a ƙafar ɗan tsakiyarsu yake ƙarewa, 'yan wasanka duk sun haura.

Sannan ka ɗaga yatsa daga R2 kafin ka ba da fasin. Mai gudu ƙwallo na nesa da ƙafarsa, taƙin nan da na faɗa sai ya ƙara tsawo. Haka kuma kada ka ba da fasin zuwa inda ɗan wasa ya juya wa baya. Ko da De Bruyne kake riƙe da shi, taɓa ƙwallo sau ɗaya, juyo, sannan ka sake ta.

Bari mu bi hari ɗaya a tsarin 4-2-3-1, muna tafiya dama. Ɗan bayanka na tsakiya na da ƙwallo, ɗan gabansu na matso shi. Ɗan tsakiyarka mai tsaro yana wajen ƙarfe biyu, amma akwai mai gadinsa a kafaɗarsa ta sama. Assisted zai aika ta kai tsaye ƙafarsa a yi kokawa. Kai sai ka nuna tsakanin biyu da uku, ƙarfi rabi, ta faɗa gefen da babu mai gadi, ya tako ya same ta jikinsa ya kare ta. Taɓawa ɗaya ka fuskanci gaba. Danna L1 ɗan gefenka na sama ya fara gudu. Kada ka nuna shi, nuna ciyawar da ke bayan ɗan bayansu na gefe, wajen ƙarfe biyu, ka danna △ da ƙarfi fiye da rabi, ka riƙe. Wannan fasin ɗin cikin fili wanda babu kowa shi ne ribar Manual gaba ɗaya, kuma da shi ake fasa layin kwamfuta.

Atisaye: buga Kick Off a matakin Professional, ka hana kanka bugun raga sai ka haɗa fasin goma a jere. Wasa uku a rana ya isa. Ranar da ka daina ƙirgawa don ya zama jiki, hau World Class, daga nan Legendary.

Tsaron gida

Zaɓi Tactical Defending. Auto Switching bar shi a kan ƙwallon sama da wadda ba ta hannun kowa, sauran sauyin kai za ka yi, kuma Auto Switching Move Assistance sa shi None. Koyi sauya ɗan wasa da analog ɗin dama, kana turawa wajen wanda kake so. L1 na ba ka wanda gem ya ga dama ne, sau da yawa kuma ɗan baya na tsakiya yake miƙo maka kana cikin gudu, ka fizgo shi daga layi ba ka shirya ba.

Wannan fizgowar ita ce rabin ƙwallayen da Legendary ke ci. Kwamfuta na jiran ɗan bayanka ya fito taku uku, ta zura ƙwallo ta ramin da ya bari. Don haka ka yi tsaro da 'yan tsakiya. Kama ɗan tsakiya mai tsaro, dawo da shi, tsaya tsakanin mai ƙwallo da ɗan gabansu. 'Yan baya huɗu bar su su riƙe layinsu, sai ƙwallo ta iso bakin da'irar gola ka karɓe su.

Riƙe L2 ka fuskanci mai ƙwallo kana ja da baya, ka bar tazarar taku biyu. Idan ya ƙara wuta haɗa da R2, da ya lafa ka saki R2 ɗin. A nan ma yatsan hagu ne: motsi ƙanana, don idan ka wurga analog gefe guda, kwamfuta ta yanke ka ta ɗaya gefen. O kuma ba a danna shi sai ƙwallo ta rabu da ƙafarsa, ko ya juya maka baya, ko ka matse shi a layin gefe. Ka danna ka kuskure, ɗan wasanka ya fita daga wasan na daƙiƙa guda, wannan kuwa ya ishe su. □ na kwanciya ka manta da shi a cikin da'ira, fenareti kawai yake jawowa.

R1 na turo abokinka ya matsa wa mai ƙwallo yayin da kai kake toshe hanya. Yana da amfani, amma akwai 'yar alama a kansa da ke ƙarewa, kuma idan ɗan baya na tsakiya ne alamar ta hau, saki nan take. Daƙiƙa biyu, uku, ka ɗaga yatsa.

Idan ka ƙwace, fasin farko ya zama gajere, gefe ko baya, ko da ka hango ɗan gabanka shi kaɗai. A daidai wannan lokacin hannu na rawa, R2 na danne tun daga tsaro, kuma nan ne na fi mayar musu da ƙwallon da na sha wahalar ƙwatowa.