Kada ka ɗauke ƙarfi ka bar murɗarsa a baya

A takardun ɗalibaina na injiniyanci a nan Birnin Kebbi, kusan kowa na samun jimillar ƙarfi daidai. Wajen kopul ake zubar da maki, wato murɗar nan irin ta hannu biyu a kan sitiyari, wadda ke juya abu ba ta tura shi.

Ga azara mai tsawon mita 2, an kafe gindinta a bango a A, bakinta kuma B. An rataye jarkar ruwa mai 250 N a tsakiya, da buhun shinkafa a baki, mu ce 500 N. Akwai kuma kopul na 200 N·m mai juyi saɓanin hannun agogo. A manta da nauyin azarar. Bango na hagu. Tambayar ita ce a mayar da waɗannan duka zuwa ƙarfi ɗaya da kopul ɗaya a A.

Babban kuskure shi ne ɗalibi ya rubuta 750 N ƙasa a A, ya ajiye biro. To, riƙe bokiti a jikinka, sannan ka miƙe hannu da shi. Nauyin bai ƙaru ba, amma kafaɗarka za ta ba ka labari. Ƙarfi a kan layinsa kaɗai yake zamewa kyauta. Da ka fitar da shi daga layin, dole ka haɗa masa da murɗa:

`M = F × d`

Jarka 250 × 1, buhu 500 × 2, jimilla 1250 N·m bin hannun agogo. `M` murɗa ce, `F` ƙarfi, `d` kuma tazara ce daga A zuwa layin ƙarfin a kusurwar digiri 90. Idan igiya ce ke ja a karkace, tsawon azara ba shi ne `d` ba. Raba ƙarfin gida biyu, na tsaye da na kwance.

Sai kopul ɗin da aka bayar. Wasu su ninka shi da nisa, wasu su jefar. Kopul ba ruwansa da inda yake zaune, yadda yake za ka ɗauko shi, alamarsa kawai za ka kula: 1250 − 200 = 1050 N·m bin agogo. Wanda ya samu 1450 bai zana kibiyar juyi ba tun farko.

Wani ya taɓa ce mini, "Malam, ai abokina 450 ya samu." Da na duba, a B ya yi nasa: 250 × 1 + 200 = 450 N·m saɓanin agogo, buhu ba ya ba da komai tunda a B yake. Duk sun yi daidai. 750 N ba ya canjawa, kopul ne ke bin wurin da ka zaɓa. Da haka ma nake gwada amsa: ɗauke 750 N daga A zuwa B, 750 × 2 = 1500 saɓanin agogo, cire 1050, saura 450.

Kada kuma ka juya kibiyar sama. 750 N sama abin da bango ke mayarwa ne, ba shi aka tambaye ka ba.